Yadda na kunna fitilar ƙwai a cikin soron da aka zana da rana

Shot ɗin daƙiƙa 6 ne a cikin wani gajeren katun da muke yi mu uku. Yarinya ce ta shigo soro da dare riƙe da fitilar ƙwai, ta bi ta bayan wani ginshiƙi, ta tsaya kusa da randa. Ɗaya daga cikinmu ke zana wuri, ɗaya ke zana motsi, ni kuma aikina shi ne na ƙarshe: in karɓi abin da suka zana daban-daban, in haɗa su hoto ɗaya, in sa dare, in sa haske da inuwa, in daidaita kala. A manhajar After Effects nake yi.

Abin da ya zo hannuna leyoyi ne guda shida. Akwai bango da daɓe a hoto ɗaya, akwai ginshiƙin da ke gaba a hoto na daban, akwai yarinyar da layinta da kalarta, akwai inuwar jikinta ita kaɗai, akwai fitila, sai harshen wuta. Dukkansu da kalar rana aka zana su, babu duhu ko kaɗan. Ni na roƙi haka tun farko. In mai zane ya riga ya dulmiyar da bango cikin duhu, ba ni da abin da zan fito da shi idan fitila ta zo wucewa, domin kalar ba ta nan. Duhuntar da abu mai haske aiki ne mai sauƙi, amma haskaka abin da aka zana baƙi sai dai ka samu toka-toka.

Kafin in taɓa komai sai da na gyara abubuwa uku. Na farko gudun firem. After Effects yana ɗaukar jerin hotuna a kan firem 30 a daƙiƙa in ba ka canza masa ba, mu kuwa a kan 24 muke aiki. Hotuna 144 da ya kamata su ci daƙiƙa 6 sai su ƙare a 4.8, tafiyar yarinyar ta yi sauri, takunta ya saɓa da sauti. A Interpret Footage ake gyarawa, a wurin Assume this frame rate. Na biyu zurfin kala: na mayar da aikin daga 8 bpc zuwa 16 bpc, dalilin zai fito can gaba. Na uku gefen harshen wuta. Shi ya zo a bidiyo mai alfa, wato bayanin da ke nuna inda zane yake da inda babu komai, da na ɗora shi a kan farin shafi don gwaji sai na ga wani siririn baƙin zare ya zagaye shi. Wannan alama ce cewa an fitar da shi an riga an cakuɗa gefensa da baƙi, manhajar kuma tana karanta shi kamar ba a cakuɗa ba. Na koma Interpret Footage na zaɓi Premultiplied - Matted With Color, na bar kalar a baƙi, zaren ya ɓace. Duk leyar da ta zo mini nakan gwada ta a kan fari, sannan a kan baƙi. Abin da ya ɓuya a ɗaya yakan tonu a ɗayan.

Daga nan sai bin fitila. Na yi Null, wato leyar da ba ta fitowa a hoto sai dai a rataya wasu a jikinta, na sa masa suna FITILA, na bi tsakiyar harshen wutar da shi daga farkon shot zuwa ƙarshe, domin duk haske da inuwar da zan yi a jikinsa za su rataya. Akwai wani abu a nan da wanda ya saba da bidiyon kyamara kan manta. Mai zanen motsi bai zana hoto 24 a daƙiƙa ba, 12 ya zana, kowane zane yana tsayawa firem biyu. Idan Null ɗin yana sulalewa a kowane firem, fitila kuma tana tsalle bayan kowane firem biyu, hasken zai riƙa zamewa daga jikinta yana dawowa, kamar ba a hannun yarinyar yake ba. Sai na mayar da duk maɓallan motsin zuwa Hold, suna canzawa daidai lokacin da zane ya canza.

Yanzu dare. Na yi Solid, wato leya mai kala ɗaya tak, mai shuɗi-shuɗi, ja 70, kore 80, shuɗi 130 a ma'aunin 0 zuwa 255, na ɗora shi a kan bango da Multiply. Multiply ninkawa yake yi: kowace kala ta ƙasa ana ninka ta da ta sama a raba da 255. Bangon jar ƙasa ne, wajen 200, 150, 110. Bayan ninkawa ya koma 55, 47, 56. Ya yi duhu, jan ya kwanta, amma tsagar bango da sawun yaɓe duk suna nan, don kowane abu ya ragu ne gwargwadon yadda yake.

Da na ɗora wannan daren a kan yarinyar sai ta kusa ɓacewa. Fatarta 120, 75, 50 ce, ta koma 33, 24, 25. Layin da ya zana ido da hanci da baki yana wajen 8, 6, 10. A fuskar kwamfutata ina iya rarrabe su da ƙyar, amma na san a waya fuska za ta zama dunƙulen baƙi ɗaya. Galibin darussan da ake koyo da su a kan farar fata ake gwadawa, wadda ko ka raba ta huɗu tana da sauran haske. Tamu ba haka take ba, kuma ban yarda a magance matsalar ta hanyar ɗashe fatar yarinya tun daga zane ba. Abin da na yi shi ne na ba ta nata daren daban. Na sa ta a Pre-comp, wato ƙaramin aiki na daban a cikin babban aikin, na ɗora mata Solid mai 130, 125, 165 da Multiply, na kunna Preserve Underlying Transparency don kada ya fita daga jikinta. Fatar ta tsaya a 61, 37, 32. Ta fi bangon da ke bayanta ja, ta rabu da shi, idonta yana karantuwa. Mai kallo ba zai taɓa lura cewa daren jikinta bai kai na bango nauyi ba, amma zai lura nan take in ya kasa ganin fuskarta.

Hasken fitilar shi ne inda na fi daɗewa, kuma shi ne abin da nake ganin ya fi cancanta a fahimta a duk aikin.

Hanyar da hannu ke fara kaiwa gare ta ita ce a zana da'ira mai ruwan lemo, a dusashe gefenta, a ɗora a kan duhun da Add. Na ga ana yi da yawa, kuma sakamakonsa hazo ne, ba haske ba. Ga lissafin. A cikin duhu jan bango 55 ne, na tsagar da ke jikinsa 20, wato bangon ya ninka tsagar kusan sau uku. Ka ƙara wa kowannensu 120, sun koma 175 da 140, sun kusa zama ɗaya. Wurin ya yi haske amma zanen ya shafe, sai ka ga kamar an shafa wa gilashin kyamara man ja. Fitila ta gaskiya ba ta zuba kala a kan bango. Tana bayyana kalar da bangon yake da ita ne.

Saboda haka ni huda daren na yi. Na buɗe wani Pre-comp na kira shi TASWIRA, baƙi ƙirin, na kwafo Null ɗin FITILA ciki, na rataya masa fararen da'irori. Na dawo babban aiki na ce wa leyar dare ta ɗauki TASWIRA a matsayin Luma Matte a juye. Inda taswirar take fari dare ya janye, kalar ranar da mai zane ya yi ta fito. Inda take baƙi dare na nan yadda yake. Sai na ƙara wani Solid mai ɗumi, 255, 200, 140, shi ma da Multiply, ya ɗauki taswirar nan ba a juye ba, don abin da ya fito ya ɗauki ruwan wutar kananzir, kada ya zama kamar tocila. Sababbin fitowar After Effects suna barin leyoyi da yawa su ɗauki Matte ɗaya, wanda ya rage kwafe-kwafe sosai.

Da'ira ɗaya ba ta isa, saboda yadda haske ke raguwa. In ka ninka nisa sau biyu, haske yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Bangon da ke rabin mita daga fitila ya ninka na mita ɗaya haske sau huɗu, ya ninka na mita biyu sau goma sha shida. Ma'ana kusa da fitila haske yana faɗuwa da sauri, can nesa kuma yana jan jiki a hankali. Mask Feather ɗaya ba ya ba da wannan siffa, faɗuwarsa kusan bai-ɗaya ce. Sai na jera uku: ƙarama mai ƙarfi da Feather 150, matsakaiciya mai rabin ƙarfi da 400, da babba mai rauni ƙwarai da 900, a kan hoto mai faɗin fiksel 1920. Ta ukun kusan ba a ganinta ita kaɗai, amma in ka kashe ta sai gefen hasken ya fito fili, sai ka ga da'ira tana yawo a bango. A daɓe kuma na matse da'irorin suka zama kwance, domin daɓe a shimfiɗe yake, kyamara na kallonsa ta gefe.

Inuwa a cikin taswirar nan ita ma na sa ta, kuma a nan ne wannan hanya ta biya ni wahalata. Inuwa ba baƙin fenti ba ce, wuri ne da hasken fitila bai kai ba, don haka kalarta dole ta zama kalar daren da ke kewaye. Idan ka ɗora baƙar inuwa da Multiply a saman komai, za ta duhuntar har da lungun da fitila ba ta taɓa kaiwa ba. Bangon da yake 55 zai koma wajen 22, ka ga inuwa a wurin da babu hasken da za a tare. Amma in siffar yarinyar baƙa ce a cikin TASWIRA, abin da kawai take yi shi ne hana ramin buɗewa a wurin. A tsakiyar haske tana da kaifi, tana nisa tana narkewa cikin dare da kanta, ba sai na yi mata komai ba.

Ban yi amfani da Drop Shadow ba, don shi gefe ɗaya yake tura inuwa da girma ɗaya, kamar ta rana. Fitilar da ke kusa tana kumbura inuwa. Yarinyar ta riƙe ta a gabanta, wajen santimita 40 daga jikinta, bango kuma yana mita 1.2 daga fitilar, don haka inuwar za ta ninka ta sau uku, ta hau har rufi. Radial Shadow aka yi domin wannan. Na kunna Shadow Only, na ɗaure Light Source da Null ɗin:

```
thisComp.layer("FITILA").transform.position
```

Na yi ta ƙara Projection Distance har girman ya yi daidai da ido. Gaskiya ban kai shi ninki ukun ba, na tsaya wajen biyu, don inuwar ta fara cinye hoton tana janye ido daga yarinyar. Da fitilar ta yi lilo a hannunta zuwa dama, inuwar ta yi hagu da kanta. Inda bango ya haɗu da daɓe inuwa takan karye, sai na raba ta biyu, na kwantar da ta ƙasa da Corner Pin har ta taɓa ƙafafunta. Sannan na sa 'yar ƙaramar inuwa mai duhu a ƙarƙashin kowace ƙafa, tana bayyana in ƙafar ta taka, tana ɓacewa in ta ɗaga. Wannan ƙaramar ita ke dasa mutum a ƙasa. In babu ita, komai kyan babbar inuwar, yarinyar shawagi take yi. Randa da ginshiƙi su ma na ba su tasu inuwar ta wannan hanya.

Akwai abu ɗaya da na kasa gyarawa daga kujerata. Leyar inuwar jikin yarinyar an zana ta ne kamar haske daga sama yake zuwa: duhu a ƙarƙashin haɓa, duhu a ƙarƙashin hanci. Fitila kuwa a daidai ƙugunta take, don haka haɓa da ƙasan hanci da ƙasan kunci su ya kamata su haskaka, goshi ya yi duhu. Na kira mai zanen motsi, wanda ya girme ni, na nuna masa.

"Yaya, dubi haɓarta. Wutar tana ƙasa, inuwar ma tana ƙasa."

Ya ce, "Ba za ka iya juya ta a nan ba?"

Na ce masa zan iya juya leyar ta yadda inda yake inuwa zai zama haske, na ma gwada a gabansa, amma siffar ba ta bi ƙashin fuska ba, ta yi kama da tabo. Ya karɓa ya sake zana inuwar fuska da wuya kawai, muka bar ta riga yadda take don ba ta da laifi sosai. Haɗa leyoyi yana iya canza ƙarfin inuwa da kalarta da taushin gefenta, amma siffarta a kan fuska aikin mai zane ne. Da sabuwar ta zo na sa ta a Multiply da kala mai ja-ja maimakon toka, na dusashe gefenta da fiksel biyu kacal. Sai na ƙara siririn haske a gefen hannu da gefen riga ta ɓangaren fitila: kwafin yarinyar da Fill mai ruwan lemo, an yanke shi da wani kwafin da aka ɗan gusar, abin da ya rage shi ne bakin gefe kawai.

Sai a lokacin na taɓa annurin wutar, kuma abin da ya ba ni sha'awa shi ne kafin in sa shi fitilar ta riga ta yi kama da mai ci. Bango ya amsa, inuwa ta amsa, fuska ta amsa. Annuri ƙari ne a kai.

Ban ɗora Glow a kan Adjustment Layer ba. Shi yana duba duk abin da haskensa ya wuce Glow Threshold ne, wanda yake farawa a 60%, ba ruwansa da ko wuta ce ko ba wuta ba. Farin ɗankwalin yarinyar da farin idonta duk sai su kama ƙyalli. Daga leyar harshen wuta kaɗai na gina shi. Na kwafe ta sau huɗu, kowace da Fast Box Blur: 8, 30, 110, 350, ƙarfinsu kuma yana sauka daga 80% zuwa 45, zuwa 22, zuwa 10. Dalili ɗaya ne da na da'irorin bango, wato ƙarfi a tsakiya da doguwar jela a waje. Ta ciki na bar ta rawaya, ina fita ina ƙara ja, ta wajen ta zama kusan ruwan garwashi. Harshen ƙarami ne, in ka baza shi fiksel 350 kusan babu abin da ke saura, don haka manyan biyun sai da na ɗaga su da Levels bayan dusashewar. A 8 bpc wannan ɗagawar da ta fito da zobba, a 16 kuwa akwai isassun matakai.

Ƙananan biyun na sa su a Add, manyan a Screen. Add tarawa yake kai tsaye: 0.7 da 0.6 sun ba da 1.3, abin da ya wuce 1 kuma an yanke shi, ya zama fari fat. A tsakiyar wuta haka ake so. Screen kuwa ba ya wuce 1, waɗannan lambobin a wurinsa 0.88 suke bayarwa. Babban annurin yana bi ta kan hannun yarinyar da rigarta, in da Add ne da ya ƙone su.

Wurin ginshiƙi ya buƙaci tunani. Yarinyar na bi ta bayansa, fitila tana ɓuya na kusan rabin daƙiƙa. In annurin yana ƙarƙashin ginshiƙi a jerin leyoyi, ginshiƙin zai yanke shi da kaifi kamar an sa almakashi, alhali annuri a cikin ido ko gilashin kyamara yake faruwa, yana malalowa kan duk abin da ke gaba. In kuma ka ɗora shi sama kawai, zai ci gaba da ci a kan ginshiƙin bayan wutar ta ɓuya. Mafita ita ce jerin aikin: a fara yanke harshen wuta da alfar ginshiƙi a cikin Pre-comp, sannan a dusashe abin da ya rage, sannan a ɗora sakamakon a saman ginshiƙin. Da rabin harshen ya ɓuya annuri ya ragu da kansa yana leƙowa ta gefe, da ya ɓuya duka ya mutu, amma bangon baya yana nan da haskensa, domin shi daga TASWIRA yake sha. Wannan rabin daƙiƙar ita na fi so a duk shot ɗin.

Kaɗawar wuta kuma wuri ɗaya na yi ta. Na sa Slider Control a kan Null, na ba shi 100, na rubuta masa:

```
posterizeTime(12);
wiggle(5, 7)
```

Da'irorin bango da annuri da hasken gefen hannu duk daga wannan lambar suke karɓar ƙarfinsu. In kowanne yana kaɗawa da nasa lokacin, ido zai ga fitilu uku ne daban. Na bar kaɗawar kaɗan, 7 kawai, domin wutar fitilar ƙwai a cikin gilashi take, iska ba ta wasa da ita kamar ta aci-balbal.

Gyaran kala biyu ne, kuma ba na haɗa su. Na farko daidaita leyoyi da juna. Na ɗora Exposure na wucin gadi a saman komai na ɗaga shi zuwa +3, hoton ya yi muni amma duhun ya buɗe. Nan na ga baƙin ginshiƙi ya karkata zuwa kore, na bango zuwa shuɗi, layin yarinyar kuma ya fi komai baƙi. A hasken al'ada ba za ka iya nuna wannan da yatsa ba, sai dai ka ji kamar an liƙa abubuwan ne. Na gyara kowace leya da nata Levels har baƙaƙen suka haɗu, na goge Exposure ɗin.

Na biyu shi ne na hoton gaba ɗaya, a Adjustment Layer ɗaya can sama. Curves ne mai ɗan lanƙwasa, na ɗaga tsakiya kaɗan saboda fuska, na ƙara shuɗi kaɗan a duhu, na rage ƙarfin ruwan lemo da ya fara yawa bayan tarin leyoyi. Ina yi ina duban Lumetri Scopes, ma'aunin da ke nuna ƙarfin haske da kala, don ido yana sabawa da duhu cikin 'yan mintuna ya fara yi maka ƙarya. Abin da nake nema a wurin shi ne harshen wuta kaɗai ya taɓa sama, fuska ta zauna a ƙasa da tsakiya, mafi duhun lungu kuma kada ya kwanta a sifili. Na kuma jawo firem ɗaya daga shot ɗin da ya gabata da ɗaya daga na bayansa na ajiye su gefe da gefe, domin daren tsakar gida da na soro dole su zama dare ɗaya.

Saura zobba. Bidiyon da zai je waya 8 bit ne, matakai 256 a kowace kala. A jelar hasken bango, kore yana tashi daga 47 zuwa 62 a tsawon fiksel 600. Matakai 15 ke nan, kowanne faɗin fiksel 40, kuma ido yana ganin irin wannan a duhu sarai, zobe bayan zobe kewaye da fitila. Aiki a 16 bpc yana hana su taruwa a lokacin haɗawa, amma ba ya hana su fitowa a ƙarshe. Maganin shi ne Noise kaɗan a saman komai, na sa 2%, na cire alamar Use Color Noise. Ƙwayoyin suna wargaza iyakar matakan, kuma suna ba bango da yarinya da ginshiƙi fata iri ɗaya. Dole ya zama shi ne na ƙarshe a jeri, in ya shiga ƙarƙashin Curves ko wani dusashewa ya lalace.

Na fara fitarwa a jerin hotuna masu 16 bit, saboda in an ɗauke wuta a firem na 100 daga nan zan ci gaba, ba daga farko ba. Daga jerin na yi ProRes 422 HQ na edita, na yi ƙaramin H.264 na gwaji. Na tura wa kaina shi ta WhatsApp, na fita tsakar gida da rana na kalla a waya mai arha, hasken fuskar wayar a rabi, don mafi yawan masu kallonmu haka za su gan shi. Matsewar da aka yi wa bidiyon ta cinye rabin ƙwayoyin, zobba biyu sun dawo a bangon hagu, randa kuma ta nutse gaba ɗaya kafin fitila ta iso gare ta. Na koma na ɗaga kalar dare ta bango daga 70, 80, 130 zuwa 85, 95, 145, na ƙara Noise zuwa 3%, na sa wa bakin randar ɗan hasken shuɗi ta ɓangaren ƙofa kamar na farin wata. A gwaji na gaba randar ta fito, zobe ɗaya ya rage mai rauni a kusurwar sama inda ido ba ya zuwa, na bar shi.

Na miƙa wa edita fayil ɗin, na ajiye kwafin aikin da TASWIRA da Null da leyoyin annuri yadda suke. Shot na gaba a soron nan ne, yarinyar ta ajiye fitilar a ƙasa ta tsuguna, don haka dare da kala ba za su canza ba. Abin da zan sake shi ne matsayin FITILA, da inuwar da yanzu za ta miƙe sama sosai tunda wutar ta koma daɓe, kuma na riga na gaya wa Yaya ya zana inuwar fuskar daga ƙasa tun daga zanen farko.